Yadda Di-je Ke Ɗinke Waƙa da Waƙa: Daga Jona Na'ura Zuwa Daidaita Bugu

A wajen biki akwai lokacin da waƙa ɗaya ke ƙarewa wata ta shigo, amma masu rawa ba su tsaya ba, ƙafarsu ba ta rikice ba, wasu ma sai sun yi nisa kafin su gane an sauya. Wanda ke tsaye nesa yakan ɗauka maɓalli ɗaya aka danna. Abin da bai gani ba shi ne, tun kusan minti guda kafin nan, di-je yana can yana sauraron waƙa ta biyu shi kaɗai a hedfon, yana rage mata gudu ko ƙara mata, yana jiran wurin da za ta dace. Duk sana'ar tana tsaye a kan wannan: sauti yana da hanya biyu, ɗaya ta jama'a, ɗaya ta kunnen mai aiki. Wanda ya fahimci wannan tun ranar farko ya rage wa kansa wahalar watanni.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A ƙarshen shekarun 1960, a birnin New York, Francis Grasso yana cikin waɗanda suka fara sa hedfon domin jin faifai na gaba kafin a sake shi, yana daidaita bugunsa da na wanda ke tafiya. A 1979 kamfanin Technics ya fito da garmahonsa SL-1200MK2 mai ɗan abin ja da ke ƙara gudu ko rage shi da kashi 8 cikin ɗari, aikin ya zo da sauƙi. Kwantirolar yau kwaikwayon wannan tsari ce: faifai biyu, miksa a tsakiya, sai dai waƙoƙin suna cikin kwamfuta.

Domin kada bayani ya zauna a iska, zan ɗauki na'ura ɗaya in bi ta daki-daki, wato DDJ-FLX4 ta Pioneer DJ, wadda ta fito a ƙarshen 2022 ta gaji DDJ-400. Masu koyo da yawa suna farawa da ita, kuma abin da za a faɗa a kanta ya shafi kusan duk wata kwantirola mai ɓangare biyu, ko da sunayen maɓallan sun ɗan bambanta.

Jona wayoyi

Abu na farko da ya kamata mai koyo ya sani shi ne, kwantirola ba ta ɗauke da waƙa ko ɗaya. Manhajar da ke cikin kwamfuta ce ke kunna waƙa. Kwantirola tana aiki biyu ne: tana aika wa manhaja umarnin hannunka, sannan tana karɓar sautin ta raba shi gida biyu. Duka wannan ta waya ɗaya ake yi, wayar USB, kuma ita ce ke ba na'urar wuta idan da laftof ake aiki. A bayan DDJ-FLX4 akwai kafar USB-C guda biyu. Ɗaya ta kwamfuta ce, ɗayar ta wuta ce kawai, ana buƙatarta idan da wayar hannu za a haɗa. Wanda ya soka wayar kwamfuta a kafar wuta zai yi ta jira manhaja ba ta ga komai ba. Haka kuma akwai wayoyin USB da caji kaɗai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai, don haka a yi amfani da wadda ta zo cikin kwali, kuma a soka ta kai tsaye a jikin laftof.

Hanyar jama'a tana fita ta baya, ta kafofi biyu, fara da ja, masu suna MASTER. Daga nan waya ke tafiya zuwa lasifika mai amfilifaya a jikinta, ko zuwa miksar masu kayan sauti na wurin taro. Irin wannan waya ba ta son tsawo. Idan ta wuce 'yan mitoci takan kwaso ƙugi, saboda haka gara a matso da tebur kusa da miksa da a yi ta ƙara waya. Hanyar kunne kuwa tana gaba, ƙaramar kafa ce ta milimita 3.5, a nan hedfon ke shiga. Ba a jikin laftof ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, kuma mai shi zai yi ta danna maɓalli bai ji komai ba.

Tsarin kunnawa ma yana da ƙa'ida. A mayar da MASTER LEVEL ƙasa gaba ɗaya, a kunna kwamfuta, a jona kwantirola, a buɗe manhaja, lasifika ce ta ƙarshe. Wajen kashewa kuma ita ce ta farko. Dalili shi ne ƙarar "fam" ɗin nan da ke fita idan an jona waya alhali amfilifaya na kunne, wadda ke iya lalata lasifika. Inda ake aiki da janareta ko wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, wannan ɗabi'a ta fi zama dole. Idan kuma aka ji ƙugi mara yankewa a lasifika, akwai gwaji mai sauƙi: a zare cajar laftof. In ƙugin ya ɗauke, daga wuta yake, ba daga waƙa ba. Sau da yawa jona laftof da miksa a soket ɗaya yana maganinsa, in bai yi ba sai a sa ɗan akwatin raba layi tsakanin kwantirola da miksa.

Manhaja

DDJ-FLX4 tana aiki da rekordbox da kuma Serato DJ Lite, dukkansu ba sai an biya kuɗi kafin a fara ba. A zaɓi ɗaya a zauna a kanta, kuma kada a buɗe su tare, domin za su yi rigima a kan na'urar. Zan bi rekordbox. Ana sauke ta daga shafin kamfanin, a buɗe asusu, a shiga. Tana da fuska fiye da ɗaya, wadda ake so ita ce PERFORMANCE, ana zaɓenta a kusurwar hagu ta sama. Fuskar EXPORT ta shirya waƙoƙi ce zuwa filash.

Daga nan sai a shiga Preferences, a buɗe Audio, a tabbatar sunan da ke wurin DDJ-FLX4 ne, ba lasifikar laftof ba. A nan ne ake raba hanyoyin nan biyu, kuma idan an zaɓi na'urar daidai manhaja kan raba su da kanta. A wannan shafi akwai wani ma'auni, Buffer size, da ya cancanci a tsaya a kansa. Kwamfuta tana tara sauti ne kaɗan-kaɗan kafin ta miƙa. Idan abin da take tarawa ya yi yawa, za ka danna maɓalli sai an ɗan jima sauti ya fito. Idan ya yi kaɗan, kwamfutar ba ta cim masa, sai a ji ƙaras-ƙaras ko yankewa. A ma'aunin 44.1 kHz, lamba 512 tana nufin jinkirin kimanin milisakan 12, lamba 256 kuma kimanin 6. Shawarata a fara da 512. In hannu na jin nauyi a sauko, in sauti na tsagewa a hau, a kuma rufe burauza da duk abin da ke cin ƙarfin kwamfutar.

Kan jinkiri ne ya sa nake cewa a manta da Bluetooth a wannan aiki, na hedfon ne ko na lasifika. Yana makara da abin da yakan wuce milisakan 100, kuma nan gaba za a ga cewa wannan ya isa ya ɓata haɗi gaba ɗaya.

Idan an zuba waƙoƙi, manhaja za ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta auna gudun kowacce, ta rubuta shi a ƙarƙashin BPM, wato yawan bugu a minti guda. Za ta kuma zana layuka a kan hoton sautin, kowane layi a kan bugu. A bar ta ta gama wannan a gida, kada a bari sai a wajen taro. A kuma kula da asalin waƙar: wadda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, ko aka ciro daga bidiyo, tana iya daɗi a ƙaramar lasifika amma ta fito a dusashe a babba. MP3 mai 320 kbps daga tushe mai kyau ya wadatar.

Abin da hedfon ke yi

A jikin wannan na'ura akwai maɓalli iri biyu masu suna CUE, kuma rashin bambance su ya rikita mutane da yawa. Akwai babba, zagayayye, kusa da maɓallin kunnawa a kowane ɓangare. Aikinsa sa alama a cikin waƙa. Akwai kuma ƙanana a tsakiya, a kan miksa, sama da fedar kowane layi. Waɗannan su ne na kunne. Idan ka danna ƙaramin CUE na layi na biyu ya kama wuta, waƙar ɓangare na biyu za ta zo hedfon ɗinka ko da fedarta na ƙasa tik. Sautin ana ɗebo shi ne kafin ya kai feda, shi ya sa kake ji jama'a ba sa ji.

Sai abubuwan murɗawa biyu na hedfon. LEVEL na ƙarfin sauti ne. MIX kuwa shi ne ke zaɓar abin da za ka ji: in ka kai shi hagu, wajen CUE, waƙar da kake shiryawa kaɗai za ka ji. In ka kai shi dama, wajen MASTER, abin da ke fita wa jama'a za ka ji. A tsakiya kuma duka biyu a gauraye. Akwai sharaɗi ɗaya: sai maɓallin MASTER CUE na kunne sannan sautin jama'a zai shigo hedfon. Wanda ya murɗa MIX zuwa dama ya ji shiru, nan ya kamata ya fara dubawa.

Kafin a je ko'ina, a yi wannan gwaji. A ɗora waƙa a ɓangare na ɗaya da maɓallin LOAD, a kunna, a ɗaga fedarta, a ɗan buɗe MASTER LEVEL har ta fito a lasifika. A ɗora wata a ɓangare na biyu, fedarta a ƙasa, a danna ƙaramin CUE nata, a kunna. Idan ta farko na lasifika, ta biyu na kunne kaɗai, an gama jona kaya lafiya. Idan ta biyu ta fito a lasifika, ko dai fedarta ba ta sauka sosai ba, ko saitin Audio ya karkace. Idan an ɗaga feda ba a ji komai ba, a duba fedar kwance da ke ƙasa, mai tafiya hagu da dama: in tana can gefe guda, ta toshe ɗaya ɓangaren. Mai koyo ya ajiye ta a tsakiya ya rabu da ita tukuna.

A hedfon ne kuma ake daidaita ƙarfin waƙa kafin ta fita. Waƙoƙi ba ƙarfinsu ɗaya ba. A saman kowane layi akwai TRIM. A kai waƙar da ake shiryawa wurin da ta fi ƙara, a murɗa TRIM har fitilun layinta su riƙa kaiwa inda na ɗayar ke kaiwa, suna wasa a kore suna taɓa ruwan lemo. Ja alama ce ta cewa sauti ya fara tsagewa. Akwai masu ganin sai fitila ta yi ja kiɗa ke da ƙarfi. Ba ƙarfi suke ƙarawa ba, ƙazanta ce, kuma ita ke ƙona ƙananan lasifikun da ke fitar da siririn sauti. In ana son ƙara, a nema a amfilifaya.

Salon sauraro iri biyu ne. Na gargajiya shi ne kunne ɗaya a hedfon yana jin sabuwar waƙa, ɗaya a buɗe yana jin lasifika. Wannan yana aiki ne idan akwai lasifika kusa da kai. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka lasifikar da ke nesa da kai da mita 20 tana iso maka a makare da kusan milisakan 60, ban da amsa-kuwwar bango. In ka daidaita da ita, a kunnenka ya yi daidai, a wajen jama'a ya karkace. A manyan ɗakunan taro da filayen biki inda ba a ba di-je lasifikarsa ba, mafita ita ce salo na biyu: kunnuwa biyu a hedfon, MIX a tsakiya, a yi haɗin duka a ciki. Ni wannan nake ba mai koyo shawara ya fara da shi, domin yana aiki a ko'ina. Kuma a ji tausayin kunne. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Hedfon mai rufe kunne ruf ya fi, domin ba sai an ƙure shi kafin a ji ba. Wanda ya koma gida kunnensa na ƙara, ya san ya wuce iyaka.

Matsala biyu ce, ba ɗaya ba

Daidaita bugu yana wahalar da mutane ne saboda suna ɗaukarsa abu ɗaya, alhali biyu ne, kuma kowanne da abin gyaransa. Ka tuna 'yan makaranta a fareti. Wani saurinsa ne ya fi na layi, komai ka gyara masa ƙafa zai sake wucewa. Wani kuma saurinsa daidai ne, ƙafa ce kawai ya saɓa, ɗan tsalle guda ya ishe shi. Na farko matsalar gudu ce, ana gyara ta da doguwar fedar TEMPO da ke gefen kowane ɓangare. Na biyu matsalar matsayi ce, ana gyara ta da gefen faifai. Fedar TEMPO sauyinta na zama ne. Gefen faifai kuwa ɗan turi ne na lokaci, da ka saki waƙa ta koma gudunta.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ɓangare na ɗaya waƙa na tafiya a kan BPM 104, irin gudun da ake yawan samu a kiɗan afrobit. Wadda za ta biyo baya tana kan 100. Ana buƙatar a ƙara mata kashi 4 cikin ɗari. A rekordbox fedar TEMPO tana da zango huɗu: ±6, ±10, ±16 da WIDE. A zaɓi ±6, domin ƙaramin zango ya fi ba hannu damar gyara kaɗan-kaɗan. A wannan na'ura jawo fedar zuwa wajenka shi ne ƙara gudu, tura ta gaba shi ne ragewa, akasin abin da mutum zai zata. Sai a jawo har lambar ta kai 104.

Ƙara gudu yana ɗaga murya. Kashi 6 cikin ɗari ya kai kusan rabin mataki a ma'aunin kiɗa, kuma mawaƙin da jama'a suka saba da muryarsa za su ji ta sirance. Maganin wannan shi ne MASTER TEMPO, wanda a allo ake gani da harafin MT, a Serato kuma Key Lock. Yana riƙe murya a inda take. Amma shi ma yana da iyaka: in aka ja waƙa da nisa sosai, sauti kan fara rawa. Waƙa mai 100 da mai 125 ba a tilasta musu aure, gara a yanke ɗaya a saki ɗaya a wurin da ya dace.

Yanzu sai a nemo bugun farko. A hedfon, MIX a hagu, a kunna waƙa ta biyu har a ji gangar farko mai nauyi, a tsayar. A ɗora hannu a kan faifai a juya shi baya a hankali har a tsaya daidai bakin wannan bugu, sannan a danna babban CUE. An sa alama ke nan. Daga yanzu, in ka danna shi ka riƙe waƙa za ta tashi daga nan, in ka saki ta koma. In tana tafiya ka danna, ta koma ta tsaya.

Sai ƙirga. Yawancin waƙoƙin rawa na zamani suna tafiya huɗu-huɗu: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Huɗun nan kuma suna taruwa sau takwas su ba da bugu 32, kuma a irin wannan gaɓa ne abu ke sauyawa a waƙa: amshi ya shigo, ganga ta ƙaru, murya ta ɗauke. A gudun 104, bugu 32 yana cin daƙiƙa 18 da rabi. Mayar da MIX tsakiya, ka bi waƙar da ke fita da ƙirga, kana taɓa babban CUE a kan kowane bugu don hannu ya kama, sannan a kan "ɗaya" na sabuwar gaɓa ka danna maɓallin kunnawa.

Da wuya ka faɗa daidai cif. In bugun biyu sun hau kan juna za ka ji "dum, dum" guda ɗaya mai kauri. In sun saɓa za ka ji "dudum, dudum". Tambayar ita ce wace ce a gaba, kuma a farko kunne ba ya iya faɗa. Kada a tsaya tunani, a gwada. Ɗan tura gefen faifai ta hannun agogo yana sa waƙa ta matsa gaba, akasin haka yana ja da ita baya. In ka tura ka ji saɓanin ya ragu, ci gaba. In ya ƙaru, koma ɗaya hannun. A lura da kalmar gefe. Saman faifai yana jin taɓi, in ka ɗora yatsa a kai waƙa za ta tsaya cak, kuma in fedarta a sama take kowa zai ji.

Da sun haɗu, cire hannu ka saurara. Nan ne ake gane ko gudu ya yi daidai. A ce ta biyu tana kan 103.5 maimakon 104. Rabin bugu ne kawai a minti, abin kamar ba komai, amma cikin daƙiƙa 18 da rabi za ta makara da kusan milisakan 90, wanda ko mai rawa zai ji. In bambancin 0.1 ne, makarar ba ta kai milisakan 20 ba, ɗan turi ɗaya ya isa. Ƙa'idar da ke fita daga nan ita ce zuciyar aikin: in ka ga kana tura faifai gaba, ka sake turawa gaba, to waƙar ce ke da nawa, jawo TEMPO kaɗan. In kullum baya kake ja, rage ta. Hannun da ke kan faifai shi ke gaya wa hannun da ke kan TEMPO abin da zai yi. Ana maimaitawa har tazarar da ke tsakanin gyara da gyara ta yi tsawo.

Idan sun zauna tare, sai fitarwa. Ganga mai nauyi biyu da bes biyu a lokaci guda suna cunkushe lasifika, don haka a murɗe LOW na sabuwar waƙa zuwa hagu kafin a ɗaga fedarta. A kan "ɗaya" a fara ɗagawa a hankali. Bayan bugu 16 ko 32, a yi musaya: LOW na sabuwa ya dawo tsakiya, na tsohuwa ya sauka, sannan a janye fedar tsohuwa. A zaɓi wurin da mawaƙi ɗaya ya yi shiru, domin murya biyu a kan juna ba ta daɗi ko bugu ya yi daidai. Da an gama, a mayar da LOW na tsohon layin tsakiya, a kashe ƙaramin CUE na wadda ta fita, a kunna na ɗayan. Mantawa da wannan shi ke sa mutum ya ɗora sabuwar waƙa a kan wadda ke tafiya, fili ya yi tsit.

Maɓallin da ke yi maka, da inda yake gazawa

Mai karatu zai ce ai akwai BEAT SYNC, danna ɗaya ya daidaita gudu da matsayi. Gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne a yi amfani da shi. Amma maɓallin ba ya jin kiɗa. Layukan da manhaja ta zana yake haɗawa. In layukan sun karkace, zai haɗa karkatattu, allo ya nuna komai lafiya, lasifika na faɗin akasin haka.

Wannan ya shafi mai sa kiɗa a ƙasar Hausa fiye da takwaransa na wasu wurare. Manhajojin nan an gina su ne a kan kiɗa mai huɗu-huɗu da inji ya buga. Kiɗanmu da yawa, har da na situdiyo da ake rawa da su a biki, suna da tafiyar uku-uku a cikin bugunsu, irin wadda kalangu ke bayarwa. Manhaja kan rikice da su, ta rubuta rabin gudun, ko ninkinsa, ko wata lamba da ba ta da alaƙa da inda ƙafa ke sauka. Wani lokaci lambar daidai ce amma ta ɗora "ɗaya" a kan bugun da ba shi ba. Gyaran yana cikin GRID: a buɗe shi, a bi kiɗan da TAP yadda ƙafa ke takawa, a matsar da jan layin zuwa bugun farko na gaskiya, sannan a leƙa tsakiyar waƙa da ƙarshenta a ga ko layukan na nan kan bugu. Ko da an gyara, waƙa mai tafiyar uku da mai tafiyar huɗu za su iya haɗuwa a babban bugu amma ƙananan kaɗe-kaɗen da ke tsakani su yi karo. Irin wannan haɗi a gajarta shi.

Tsofaffin waƙoƙi kuwa, irin na Mamman Shata da makaɗansa, hannun mutum ne ya kaɗa su, gudunsu na hawa yana sauka yadda waƙar ta ɗauki zafi. Babu lamba ɗaya da za ta riƙe su. A saitin Analysis na rekordbox akwai zaɓin Dynamic da ke ƙoƙarin bin irin wannan sauyi, yana taimakawa, amma ba a sakar masa ragama. A ganina irin waɗannan waƙoƙi ma ba su buƙatar a cusa su cikin wata. A bar ta gaba ta sauka, a sake su daga farkonsu, jama'a su ji shigowar da suka sani.

Saboda haka nake ganin mai koyo ya fara da kunne, maɓallin ya zo daga baya. Hanyar atisaye mai sauƙi ce. A ɗora waƙa ɗaya a ɓangarorin biyu, TEMPO a tsakiya, a yi ta saki ana gyarawa da gefen faifai kaɗai, har kunne ya fara gane wace ce a gaba. In wannan ya zauna, a rufe ido a gusar da TEMPO na ɗaya, a juya allon laftof ko a rufe lambar da takarda, a nemo gudun da kunne. Bayan nan sai waƙoƙi biyu daban masu gudu kusa da juna, masu ganga a fili a farkonsu. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. A riƙa danna REC ana ɗaukar abin da aka yi, domin a lokacin aiki hankali na kan hannu, kuma saɓanin da ya wuce ka a hedfon za ka ji shi sarai washegari. Kada ka karɓi aikin biki sai ka iya riƙe waƙa biyu tare na tsawon minti guda, allo a rufe, BEAT SYNC a kashe.